Kasa aikin burtsatse kashi-kashi: a ina ake tsayawa?

Ɗan Rimi: Salamu alaikum. An ɗora ni kan aikin burtsatse mai sola a wani ƙauye. Na kasa shi gida biyar: binciken ƙasa, rijiya, famfo da sola, tanki da hasumiyarsa, sai bututu. Da na shiga ƙarƙashin kowanne sai layuka suka yi ta haihuwa, har da ɗaure rodi. Ku da kuka taɓa yi, a ina kuke tsayawa?

Mai Awo: Wa alaikumus salam. Ai doka ce: kada kashi ya gaza aikin awa 8, kada ya wuce awa 80. Da ita nake aiki, ba na ƙara komai.

Tsohon Injiniya: Malam Mai Awo, ma'auni ne mai amfani, amma ba doka ba ce. Ni abu uku nake dubawa: mutum ɗaya ne zai amsa tambaya a kan kashin? Zan iya yi masa kuɗi? In an ce an gama, zan iya zuwa in gani da idona?

Ɗauki hasumiya. Tushe na birkila ne, ƙarafa na mai walda, ɗora tanki na mai aikin famfo. Kashi uku ke nan, sai in tsaya. Ɗaure rodi sha'anin birkila ne, ba naka ba. Rijiya kuwa, haƙa, sa kesin, wato bututun da ke riƙe bangon ramin, zuba tsakuwa da wankewa duk na mai injin haƙa ne, don haka kashi ɗaya nake barinsu. Gwajin yawan ruwa shi nake warewa daban, domin sakamakonsa ne zai nuna girman famfo da yawan faifan sola. Kafin gwajin, bar reshen famfo a dunƙule, ɗana.

Na Kasuwa: Ni dai shawarata a gama hasumiya kafin damina. Mun sha wuya da laka, motar yashi ta kasa shiga.

Tsohon Injiniya: Gaskiya ne, Alhaji, amma wannan zancen jadawalin lokaci ne, sai an gama kasawa ake zuwa kansa.

Maman Akawu: Ɗan Rimi, abin da ya fi damuna ba zurfin kasa aikin ba ne. In ka haɗa rassan, dole su ba da aikin gaba ɗaya, ba ragi ba maimaici. Ina shingen sola? Ina horar da kwamitin ruwa? Ina kula da aikin kansa? A wani aiki da na riƙe wa lissafi ba a rubuta shinge ba, aka zo ƙarshe babu kuɗinsa. Kuma duk kashin da ya yi makonni ana cewa "saura kaɗan", ya yi girma, a fasa shi.

Mai Awo: Hajiya, sayen faifan sola fa? Ni kashi nake ba shi na kansa, tunda nan kuɗin yake.

Tsohon Injiniya: Ni a cikin na mai haɗa sola nake sa shi, in shi zai sayo. In ofis ne zai saya, a ware.

Ɗan Rimi: Ofis zai saya, Baba, amma mai haɗawa zai zaɓa. Wa zai amsa a nan?