Tambaya: yaya zan gyara wasiƙata ga sabuwar malamar ajin ɗana?

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, ina neman shawararku.

Ɗana ya shiga aji uku na firamare. Yana gane haruffa ɗaya bayan ɗaya, amma haɗa su yake gagararsa. Idan ya ga “ba” da “ki” yakan karanta kowanne daban, sai ya kasa cewa “baki”. Yana kuma rikita b da d. Kullum bayan la'asar muna karatu na minti 20, yau mako 6 ke nan, ban ga canji ba.

Na sa wa malamar wasiƙa a littafin aikin gida, mako 2 shiru. Ga abin da na rubuta:

“Malama, barka da aiki. Ni ce mahaifiyar yaron da ke ɗauke da wannan littafi. Muna murna da kasancewarsa a hannunki. Don Allah ki ba mu shawara kan karatunsa. Na gode.”

Da na sake dubawa, na ga ban faɗi matsalar ba, ban kuma nuna mata hanyar ba ni amsa ba. To idan na rubuta zancen b da d ƙarara, tare da tambaya guda, wato “wane atisaye zan riƙa yi masa a gida?”, malama za ta ɗauka ina koya mata aikinta ne? Sannan wanne ya fi: in nemi ganawar minti 10 bayan an tashi, ko in bar lambar waya? Malaman da ke karɓar irin wannan wasiƙa, wace ce kuka fi saurin amsawa?