Masu ɗura gas: in rage farashi ne ko in yi wa kwastomomi kati?

Mai Gas na Hotoro:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shagon ɗura gas na girki a nan Hotoro, Kano. Ina sarowa a kan 1,050 kilo, ina sayarwa 1,200. Watan jiya wani ya buɗe shago a bakin titi yana ba da 1,150, kuma na fara ganin tukwanen da na sani ana wucewa da su ta ƙofar shagona. Abu biyu nake tunani: ko in sauko 1,150 kamar shi, ko in bar farashina in buga ɗan kati, duk wanda sayayyarsa ta cika kilo 20 in ba shi kilo 1 kyauta. Akwai kuma wanda ya ce in riƙa karɓar lambobin mutane ina kiransu. Wanda ya taɓa gwada ɗaya daga ciki ya faɗa mini yadda ta kaya. Akasarin masu saye na 'yan kilo 2 zuwa 6 ne, masu babbar tukunya kaɗan ne.

Abu Sadik:
Wa'alaikumussalam. Ka buɗe shafi a Instagram ka riƙa saka hotuna masu kyau, ka ga yadda mutane za su yi ta zuwa.

Ɗan Kurna:
Hoton me zai saka, Malam? Gas ɗin ne zai yi kwalliya? Kuma 1,200 a ina? Jiya 1,350 na saya a unguwarmu.

Maman Ilham:
Mu a Zariya 1,100 na ɗura satin nan, amma a babban gidan gas, ba a shago ba.

Alhajin Sikeli:
Ƙanena, na daɗe a wannan sana'ar, bari mu fara da lissafi. In ka rage naira 50, a kilo 20 ka bar 1,000. In ka ba da kilo ɗaya kyauta, abin da ya fita daga aljihunka 1,050 ne, kuɗin sari. Kusan duk ɗaya ke nan. Bambancin shi ne ragin kowa zai ci, har mai wucewa da ba za ka sake ganinsa ba, shi kuwa katin sai wanda ya yi ta dawowa har ya cika. Kuma maƙwabcin naka gobe yana iya sauka 1,100, sai ka bi shi ina? Saboda haka kati ya fi.

Amma kilo 20 ya yi kusa. Ribarka ba 150 ba ce cif, domin ka sani babbar tukunyar kilo 50 ba ta taɓa juyewa tas, kuma duk cire tiyo sai ɗan wani abu ya tafi iska. Ka mai da shi kilo 30. A nan kyautar ta tashi naira 35 a kowane kilo, za ka iya ɗauka. Katin kuma kada ka dogara da wanda ke hannunsu kawai, zai ɓace ko ya jiƙe, wani ma ya ƙara wa kansa layi da biro. Ka ajiye littafi a shago, kowane gida da shafinsa: rana, kilo nawa, wa aka aiko.

Abu guda da zan ja maka kunne a kai: kada ka taɓa yin gyara a kan cikakkiyar tukunya. Mai 12.5 in ta ɗauki 12.5 ta gama, sararin da ya rage a sama an bar shi ne domin gas yana buɗewa in ya ji zafi. Ka tuna ranar watan Afrilu a Kano, ga tukunya a bayan Adaidaita. Kilon kyautar a cire shi daga kuɗi, wato ya biya na 11.5, ba a danna masa na 13.5 ba.

Baban Yusra:
Ni dai duk wannan na yi shi, kuma ban ga tsiyar da ya tsinana mini ba. Akwai wata mai abincin sayarwa da nake kai wa gas har rumfarta da mashin ɗina, ban taɓa karɓar kuɗin kaiwa ba. Roba ta lalace na canja mata kyauta. Regiletarta ta mutu ana tsakiyar girkin biki, na ciro ta gidana na ba ta aro, matata ta koma gawayi. Da Sallah har shinkafa na aika mata. Sai aka fara "bari in an tashi kasuwa", daga tukunya ɗaya ya zama uku. Ranar da na ce Hajiya a ɗan rage wani abu, sai ta ce ai dama gas ɗina ba ya auki. Washegari da idona na ga yaronta a shagon wani, da kuɗi a hannu. Har yau kuɗin tukunya uku suna wajenta, regiletar ma ba ta dawo ba. In mun haɗu a hanya ita ke ɗauke kai kamar ni na ci mata. Mutanen yanzu naira hamsin ta fi musu mutunci. Ka rage farashi kawai ka huta, kuma kada ka yi sabo da kowa.

Maman Ilham:
Allah ya mayar maka da alheri, Baban Yusra. Amma tsakani da Allah wannan ba kyauta ce ta kore ta ba, bashi ne. Wanda ka biyo kuɗi ba ya son bin layinka.

Baban Yusra:
To in ba ka bayar ba su ce ka cika tsanani. Ke da ba ki taɓa zaman shago ba ba za ki gane ba.

Maman Ilham:
Ban taɓa zaman shago ba, amma ni ce mai sayen da kuke ta magana a kanta, ko ba haka ba? Bari in faɗa muku abin da ya riƙe ni wajen mai gas ɗinmu na unguwa duk da ya fi gidan gas tsada. In na je, sai ya ɗora tukunyar a sikeli tun kafin ya taɓa ta, ya juyo mini da fuskar sikelin, ya ce ga abin da kika zo da shi. Rannan ya ce akwai saura kusan kilo ɗaya a ciki, ba ƙarewa ya yi ba, kan murhun ne ya toshe. Ya cire mini kuɗin kilon. In ya gama ɗurawa sai ya shafa ruwan omo a bakin tukunyar mu duba tare ko zai yi kumfa. Bai taɓa ba ni ko alawa ba.

Alhajin Sikeli:
Hajiya ta faɗi abin da ya fi katin. A jikin yawancin tukwane, wajen mariƙi ko gindi, an buga nauyin tukunyar in babu komai a ciki, sau da yawa da haruffan TW. Ka koya wa masu sayenka duba wannan lambar. In wofi ya kawo ta, nauyin tukunya, a haɗa da kilon da ya saya, shi ne abin da sikeli zai nuna. Mutumin da ka koya wa haka, duk shagon da ya je sai ya duba, kuma in mai arhar nan yana cin sikeli shi da kansa zai gano, ba sai ka ɓata kowa ba.

Maganar kira kuma, littafin nan shi zai gaya maka lokaci. In gida ya ɗura sau biyu ko uku, ka san kwana nawa gas yake yi musu. Wanda kilo 6 ke kai wa sati uku, ka tura masa saƙo ana saura kwana biyu ko uku: gas ɗinku ya kusa, in ana so a zo a ɗauka. Saƙo ɗaya tak. In bai amsa ba ka ƙyale shi. In kuma wanda ya saba sati uku ya dawo a kwana goma, kada ka yi murna, ka tambaye shi ko an yi baƙi. In ba a yi ba, to akwai yoyo a tiyo ko a roba, ka je ka duba.

Ɗan Kurna:
Ka dai tambaya lambar wa za a ba ka. Wani abokina ya tura "Hajiya kwana biyu shiru, lafiya dai ko?" da ƙarfe goman dare, sai ga maigida a shago da sassafe, kuma ba da tukunya ya zo ba.

Mai Gas na Hotoro:
Hahaha Allah ya tsare. Lambar maigida zan riƙa karɓa. Amma Alhaji, masu kilo 2 fa? Kafin su kai 30 ai sai sun zo sau goma sha biyar, za su gaji.

Ummu Hanan:
Ni ina sayar da kayan miya ne ba gas ba, amma abin da na gani shi ne talaka ya fi son gyaran yau a kan alkawarin gobe. Ka ɗan ƙara musu a take kawai, tunda tukunyarsu ba cika take yi ba.

Alhajin Sikeli:
Ba za ta fashe ba kam, nan kin yi gaskiya. Sai dai tumatir biyu da kika ƙara ana gani a leda, gas kuwa wa ya gani? Gram ɗari ya ci maka naira 105 a cinikin da ribarsa 300, kuma gobe in ba ka ƙara ba ka zama marowaci. Gara ka sayi robar baki da maƙalin tiyo da yawa ka riƙa canja musu kyauta, suna kallo.

Abu Sadik:
Duk Alhaji ne kaɗai zai yi magana? Zamani ya canja, littafi ai tsohon yayi ne.

Baban Yusra:
Shi Alhaji yana da jari, zai iya jiran wata shida. Yaron nan kuɗin haya ke jiransa.

Na Maraɗi:
Mu nan galibi musanya ake yi, ka kawo buteli wofi a ba ka cikakke, ba ka ganin awo ma. Wanda ke riƙe mutane shi ne wanda in gas ya yi wuya yake ɓoye wa nasa, ya kira su ɗaya bayan ɗaya, kuma bai ƙara ko dala ba.

Ummu Hanan:
Tunda ana maganar awo, ku masu gas ku riƙa ba da rasit don Allah. Na aiki yaro da kuɗin kilo 3, ashe na 2 yake ɗurawa ya soke sauran. Wata biyu ina zagin mai shago a raina har na canja wuri.

Mai Gas na Hotoro:
Wallahi wannan yana faruwa da ni sosai. Yaro ya ce na 2,000, uwar ta bugo tana faɗa ita 3,000 ta bayar.

Alhajin Sikeli:
Ka ɗauki hoton sikelin ka tura wa mai gidan ta WhatsApp kafin yaron ya bar shago.

Ɗan Kurna:
Yaran ma da sauƙi. Masu alat na bogi fa? Ranar Juma'a wani ya nuna mini tiransifa a waya, har da sunana, ya ɗauki kaya ya hau mashin. Har yanzu ina jiran kuɗin su shigo.

Baban Yusra:
Ka ga irin mutanen da ake cewa a buga wa kati. Wane banki ya nuna maka? Ni ma an yi mini sau biyu, kuma na biyun a masallaci ɗaya muke sallah.

Ummu Hanan:
Ni yanzu in ban ga kuɗi a wayata ba ko albasa ba ta fita, ko da kuwa network ne ya riƙe. Sai dai jiya wata tsohuwar kwastomata ta yi fushi a kan haka, ta ajiye kayan ta tafi. Ku ya kuke yi da irin waɗannan?