Alfa ta tsaya a 0.41, sufabaiza ya ce sai 0.7: don Allah a ba ni shawara

Maman Hanif: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina digiri na biyu, bincikena a kan sanin da masu ciwon suga suke da shi game da ciwon nasu. Wannan shi ne take na uku, biyun farko an yi watsi da su, ga aikin dare, ga yara, kuma maigida ya ce kuɗin makaranta na bana shi ne na ƙarshe. Na ɗauko DKQ-24, takardar auna sanin ciwon suga mai tambayoyi 24, na fassara da kaina zuwa Hausa, na ƙara huɗu a kan zuma, alkama, maganin gargajiya da azumi. Amsa uku ce: eh, a'a, ban sani ba. Na yi gwajin farko da majinyata 32, ina karanta musu suna amsawa. Manhajar lissafi ta SPSS ta ba ni alfa 0.41, wato lambar da ke nuna yadda tambayoyin suka tafi tare wajen auna abu ɗaya, sufabaiza ya ce kada in dawo sai da 0.7. Shin in goge tambayoyi ne, ko in ƙara mutane? Mako uku ya rage.

Ɗan Katsina: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinki Hajiya. Duba layin da aka rubuta Cronbach's Alpha if Item Deleted, duk tambayar da cire ta zai ɗaga lambar ki cire, ki sake gwadawa, har ki kai 0.7. Haka na yi nawa, ba wanda ya ce uffan.

Abu Safwan: Kada ki goge komai tukuna. Faɗa mini, da wace lamba kika shigar da amsoshin?

Maman Hanif: Eh 1, a'a 2, ban sani ba 3. Haka na gani a aikin wata da ta gama bara, kuma ta ci.

Abu Safwan: To ga matsalar nan. Abin da kika ba na'ura ba maki ba ne, lakabi ne. A lissafinki wanda ya ce bai sani ba shi ya fi kowa maki. Sannan a DKQ-24 akwai tambayoyin da amsarsu ta daidai "a'a" ce, irin wadda ke cewa ƙoda ce ke samar da insulin, akwai kuma waɗanda "eh" ce. Kin haɗa su wuri guda, wasu na ja gabas wasu na ja yamma, ta yaya alfa za ta tashi? Takardar auna sani maki biyu gare ta: wanda ya dace 1, wanda ya kuskure ko ya ce bai sani ba 0. Ajiye kwafin fayil ɗinki na asali, sannan ki yi haka, ga misali da shidan farko:

```
RECODE q2 q5 q6 (1=1) (2,3=0).
RECODE q1 q3 q4 (2=1) (1,3=0).
EXECUTE.
```

Ki bi sauran ɗaya bayan ɗaya da makullin amsa a hannu. Idan komai ya koma 0 da 1, alfar da za ta fito ita ce KR-20, lissafi ɗaya ne, kuma sunan da ya kamata ki rubuta a babi na uku ke nan.

Ummu Aisha: Allah sarki, kin tuna mini da nawa. Wani na ba ya yi mini lissafin, ya karɓi kuɗi masu yawa, ya kawo mini 0.96. Na yi ta murna. Ranar kare aiki wani farfesa ya ce in nuna masa inda lambar ta fito, na kira mutumin wayarsa a kashe. Shi kuwa sufabaizana ko kallona bai yi ba, mutumin da wata huɗu babin yana kan teburinsa bai buɗe ba. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Maman Hanif: Malam Abu Safwan na yi, Allah ya saka da alheri. Ta hau zuwa 0.63. Amma har yanzu da saura. Tambayar safa tana nuna −0.18 a Corrected Item-Total Correlation, wasu biyar kuma kusan sifili.

Ɗan Katsina: Kin gani? Cire shidan nan, kin gama.

Abu Safwan: Ba haka ake yi ba. Kowacce sai an san ciwonta. Biyar ɗin nan, ki duba mutum nawa suka ci kowacce. Ina kyautata zaton kusan kowa ne. Tambayar da 31 cikin 32 suka ci ba ta bambanta mai sani da marar sani, bambancinta 0.97 sau 0.03, wajen 0.03 ke nan, alhali wadda rabi suka ci tana da 0.25. Amma sauƙi kaɗai ba ya sa a jefar da tambaya. In a kan kula da ƙafa ce, ko rauni da ba ya warkewa da wuri, a bar ta, domin wanda bai san wannan ba shi ake nema. Ita kuma ta safa, kawo mana yadda kika fassara ta.

Maman Hanif: "Safa mai matse ƙafa ba ta da illa ga mai ciwon suga." Daidai da ta asalin na yi, ban ƙara ban rage ba.

Anti Sista: Ƙanwata, karanta wa mahaifiyarki wannan jumlar ki ji. Bahaushe zai ce "eh, ba ta da illa", zai kuma ce "a'a, ba ta da illa", duk nufinsa ɗaya. Ke kuma kina jin "a'a" sai ki ba shi maki. Ki mai da ita tambaya kai tsaye: "Safa mai matse ƙafa tana cutar da mai ciwon suga?" sai ki juya makullin. Akwai kuma ta 210 ɗin nan, mai cewa suga 210 kafin a karya ya yi yawa. Asalin takardar an yi ta ne don 'yan asalin Meziko da ke Texas, inda ake auna suga da mg/dL. Majinyatanmu da yawa abin da suke ji a bakinmu shi ne "yau bakwai ne" ko "ya kai sha biyu". Raba 210 da 18 don ya koma irin ma'auninmu, zai ba ki 11.7. Dattijuwa ta ji ɗari biyu da goma, ko dai ta ce ba ta sani ba, ko ta ce ya yi yawa don lambar ta yi mata girma a kunne. Ki zauna da mutum shida ko takwas, bayan kowace tambaya ki ce "Baba, me ka fahimta na tambaye ka?" ki rubuta abin da ya faɗa da bakinsa. A nan za ki kama irin waɗannan.

Alhaji Baba: Ni ba ɗan boko ba ne, amma shekara goma sha ɗaya ina da ciwon nan. Tun da an ambaci zuma, don Allah mene ne gaskiyarta? Wasu sun ce ta gaske ba ta tayar da suga. Kuma ku masu zuwa da takarda, mutum ya fito tun asuba bai karya ba saboda gwaji, ga layi, sai yarinya ta zo da tambaya talatin. Wallahi eh kawai nake cewa don kada a kira lambata ina nan.

Anti Sista: Alhaji zuma tana tayar da suga, ta gaske da ta jabu. Maman Hanif, kin ji abin da ya faɗa ko? Ki riƙa tambaya bayan sun ga likita sun ci wani abu.

Maman Hanif: Anti, in sun ga likita tafiya suke, ba mai tsayawa. Kuma maganar sake fassara, ni Bahaushiya ce gaba da baya, likitoci biyu sun duba sun ce ta yi.

Abu Safwan: "Ta yi" ba lamba ba ce. Nemi masana shida: likita, nas mai koyar da masu suga, masanin abinci, mai haɗa magani, da sauransu. Kowa ya ba kowace tambaya maki 1 zuwa 4 a kan dacewarta. Ki ƙirga waɗanda suka ba da 3 ko 4, ki raba da shida. Biyar cikin shida 0.83 ne, ta wuce. Huɗu cikin shida 0.67 ne, ba ta kai 0.78 da ake nema ba, sai gyara. Fassara kuma mutum biyu ke yi kowa daban, a daidaita, sannan wani da bai taɓa ganin ta asalin ba ya mayar da ita Turanci a kwatanta. Ba raina Hausarki ake ba, ta safar nan ta isa hujja. Wani abu kuma, kin maimaita wa mutanen tambayoyin a karo na biyu?

Maman Hanif: Na yi wa 19 da suka dawo bayan wata ɗaya. Makinsu ya tashi sosai, na ɗauka alama ce mai kyau.

Abu Safwan: Ba mai kyau ba ce. Manufar maimaitawa ita ce a ga ko mutum zai samu kusan makinsa na farko idan ba abin da ya canza, shi ya sa aka fi yin mako biyu. Me ya faru a tsakani?

Maman Hanif: Duk wanda na gama da shi ina gaya masa amsoshin daidai. Kuma ba zan daina ba. Wata mata mai shan glibenkilamaid ta ce mini karkarwa da zufa alamar suga ya hau ne, in ta ji haka ƙara ƙwaya take yi. In bar ta ta tafi gida da wannan saboda lambar bincike? Kafin in zama ɗaliba nas ce ni.

Abu Safwan: To ki sani maimaitawar nan ta rushe, koyarwarki kika auna. Kuma 32 ɗin nan kaf ba za su shiga babban binciken ba.

Anti Sista: A nan ina bayanta, Malam. Matar nan dole a gyara mata a take, faɗuwar suga kisa take yi. Abin da zan ce, mai irin wannan kuskure mai haɗari a gyara masa a cire shi daga rukunin maimaitawa, sauran a bari sai bayan zagaye na biyu a koyar da su.

Abu Safwan: In kin cire masu ƙaramin maki kin rage bambanci tsakanin mutane, ICC ɗin, wato lambar da ke auna dacewar makin farko da na biyu, zai faɗi.

Dakta Bello: Ni tambaya ta ɗaya ce ta dame ni. Makullin ya ce cin zaƙi da yawa ba ya cikin abin da ke kawo ciwon suga. Amma kullum muna gaya wa mutane yawan shan lemon kwalba yana kawo ƙiba, yana ƙara haɗarin kamuwa. Wanda ya saurare mu ya ce "eh", sai a ba shi sifili?

Abu Safwan: In aka taɓa makulli ba za a iya kwatanta sakamakonta da na sauran masu amfani da DKQ-24 ba.

Dakta Bello: Ai ta riga ta ƙara huɗu, za ta juya ta safa, ta canza 210. Kwatancen me ya rage?

Maman Hanif: Ku yi haƙuri, ni mako uku gare ni. Masana shida, masu fassara uku, sabbin majinyata, sannan in jira mako biyu, wa zai ba su kuɗin mota su dawo? Na cire ta safa da biyu daga cikin masu sauƙin, ta kai 0.68. In na rubuta 0.7 a taƙaice laifi ne? Ko kuwa in yi zagaye na biyun ta waya?

Ɗan Katsina: Cire ɗaya kuma, za ta haura.

Ummu Aisha: Ta waya? 'Ya'yansu ne za su riƙa raɗa musu amsa a gefe. Ni dai kada ki yarda kowa ya taɓa miki fayil.