Diyapo da Hausa: allo, shafi ko falle?

Ɗan Ader: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da ekispoze ran Litinin nan Tahoua kan makamashi mai sabuntuwa, mushe ya ba mu minti 10, kuma ƴan gurup ɗinmu da Hausa muke shiri amma kowa sai diyapo diyapo. Mi za mu ce mata? Da rubutun nan na Notes cikin PowerPoint wanda mai magana kaɗai ke gani. Diyapo 15 gare ni.

Ƴar Niamey: Shafi mana, mi ya yi zafi

Malam na Lise: Ɗana, shafin nan shi ke ɓata ku, wanda ya ce shafi sai ya cika shi da rubutu kamar littafi ya juya ma mutane ƙeya yana karantawa. Ni falle nake cewa, falle guda magana guda. Kuma 15 cikin minti 10 sakan 40 ke nan kowane, ba ka ƙarewa. Maido su 7 ka nufi minti 9: take rabin minti, matsalar yankewar kuran minti 1, tashar rana ta Malbaza mai megawat 7 ta 2018 minti 2 tunda jiharku ce, Gorou Banda mai megawat 30 minti 2, baraj ɗin Kandadji minti ɗaya da rabi, ƙura kan fano da tsadar batir ɗaya da rabi, rufewa rabi. Minti gudan da ya rage na tuntuɓen harshe ne.

Mai Fano: In fano kuke nema ku dubi wat ɗinshi tukuna kafin kuɗi

Ɗan Ader: A'a yaya ba saye za mu yi ba, suna muke nema. Malam na gode, to Notes fa?

Ƴar Niamey: Na yarda da zancen shafi amma falle takarda yake kawo min a rai, ni allo ya fi min, a rubuta a karanta a wanke. Notes kuwa raɗa, tunda kai kaɗai take gaya ma, ba mai ganinta ko kaɗan.

Malam na Lise: Allo ya riga ya zama ekaran, in ka ce allo na uku ba a gane ba. Raɗa kam ta yi min ƙwarai. Sai dai ƴata ba kullum take ɓoye ba, in ordinatar na kan Dupliquer ka buɗe ta kowa na ganinta a bango. Danna Windows+P ka zaɓi Étendre, a gida kuma Alt+F5 na nuna maka Mode Présentateur da agogonshi. Raɗa layi biyu ko uku, adadi da kalmar da za ta kai ka falle na gaba.

Ƴar Niamey: Kuma in ka gwada da Vérification du minutage ya tambaye ka adanawa ka ce a'a, bara na adana, ina tsakar amsa tambayar mushe hoto ya wuce da kanshi.

Ɗan Ader: Raɗa ta zauna. Falle da allo zan kai ma ƴan gurup yau da dare mu ji wanda ya fi shiga baki.