Kafin a kai lissafin gado gaban malam

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Babanmu ya rasu a nan Daura, ya bar mata 2, 'ya'ya maza 3 da ni kaɗai mace. An yi wa gida da gona kuɗi ₦4,800,000. Yaya rabon zai kasance, kuma wa za mu nema?

Bashir Tela: Allah ya jiƙan Baba. Matan su raba tumuni, ₦600,000, kowacce ₦300,000. Saura ₦4,200,000 a kasa 7: ke ₦600,000, kowane namiji ₦1,200,000. Amma yana da 'yan'uwa?

Malam Lawal: Allah ya gafarta masa. Bashir, lissafinka bai karkace ba, sai dai ka yi tambayar da ba a buƙata, ka bar wadda ake buƙata. Tunda akwai ɗa namiji, 'yan'uwan mamaci ba su da komai, ko su goma ne. Tumunin nan ma ba sai Sadiya ta faɗa mana ba, yana cikin Suratun Nisa'i. Abin da babu littafin da zai gaya mana shi ne wanda ke numfashi a ranar da ya cika. Sadiya, iyayensa fa?

Sadiya: Malam, duk sun rasu. Kaka namiji tun muna yara, Hajiya kuma bayan sadakar arba'in ɗin Baba.

Malam Lawal: To kin gani. Hajiya ta gaji ɗanta. Sudusi nata ne, ₦800,000. Abin da ya rage muku ₦3,400,000 ke nan, kasonki ya sauko wajen ₦485,700. Wannan ₦800,000 kuwa sai a raba wa magadanta, kuma ta nan baffanninku za su shigo, ba ta wajen Baba ba.

Bashir Tela: Ikon Allah! Ashe tambayata ba ta faɗi banza ba.

Malam Lawal: Ta faɗa daidai, amma ta wata ƙofa.

Hajiya Binta: Sadiya 'yata, ki zauna da iyayenki mata, kowacce ita kaɗai, ki tambayi bashi da wasiyya. Namu sai da aka gama rabo mai taki ya ɓullo da takardarsa, kowa ya riga ya ci nasa. Ki kuma tambayi amaryar a asirce ko tana da juna biyu, mace ba za ta faɗi wannan a gaban maza ba.

Malam Lawal: Gaskiyar Hajiya. In akwai ciki, a mazhabar Malikiyya rabo yakan jira haihuwa. Bashi ake fara fitarwa, sannan wasiyya, ita ma ba ta wuce sulusi. Ku rubuta waɗannan a takarda ɗaya, har da ranar rasuwar kowa, ku kai kotun shari'a.

Nura Mai Waya: Ni dai ₦4,800,000 ɗin nan ne ban yarda da shi ba. Gida da gona a Daura yanzu? Wa ya yi kuɗin?

Sadiya: Yaya Babba ne ya kawo dillali. Shi kuma yana cewa Baba ya ba shi gonar tun da rai.

Malam Lawal: Ya karɓe ta yana nomawa kafin Baba ya kwanta ciwo, ko baki ne kawai? Akwai shaidu?

Sadiya: Bari in tambayi Inna in ta idar da sallah.