CV ko rizume: wanne zan tura a wurare uku?

Assalamu alaikum. Ina neman aikin jinya a wurare uku, takardar da zan tura ta tsaye mini. Na san a Amurka rizume shafi 1 ne ko 2, ana gyara shi ya dace da kowane aiki. CV kuwa ba shi da iyakar shafi: karatu, koyarwa, bincike da wallafe-wallafe duk suna shiga.

Na koyarwa a jami'a ba matsala, cikakken CV mai shafi 5 zan tura. A asibitin Amurka na makale. Sun rubuta "resume", amma idan na matse zuwa shafi 2, bayanin sassan da na yi aiki, kamar ɗakin kulawa ta musamman da yawan gadajensa, zai fita. In yanke wallafe-wallafen in bar wannan da lasisi a sama? Ranar haihuwa da hoto na cire su, tunda ba a sa su a can.

Birtaniya kuma suna cewa CV, amma gajere mai shafi 2 suke nufi. Don Allah wanda ya taɓa tantance masu neman aikin asibiti, shin wuce shafi 2 yana sa a ajiye takarda ba a karanta ba?