Neman kalmar Hausa: me za mu kira "daiglosiya"?

Malama Binta: Assalamu alaikum malamai. Ana neman kalmar da za a sa wa ɗaliban ilimin walwalar harshe a madadin daiglosiya. An kawo "tagwayen harshe", amma hankalina bai kwanta da ita ba. Me kuka gani?

Nasiru: Wa alaikumus salam Malama. Ai wannan Ingausa ce, mutum ya fara magana da Hausa ya ƙarasa da Turanci. A ce "gamin gambizar harshe" kawai.

Malam Ɗanjuma: A'a Nasiru, wannan surki ne, maganarsa daban. Daiglosiya, yadda masanin harshe Charles Ferguson ya bayyana ta a 1959, ita ce al'umma ɗaya mai riƙe da nau'i biyu na harshe ɗaya, kowanne da wurin aikinsa. Misalai huɗu ya kawo: Larabawa, Girkawa, Jamusawan Suwizalan da mutanen Haiti. Ɗauki Masar. Liman a kan mumbari da mai karanta labarai da Fusha, wato daidaitaccen Larabci, suke magana, amma mutumin nan idan ya shiga kasuwa ba zai ce wa abokinsa "ila aina tazhab" ba, "rayih fen" zai ce. Babu uwar da ke yi wa jaririnta Fusha. A makaranta ake koyonta, da nahawu da hadda. Wanda kuwa ya taya tumatir da ita, dariya za a yi masa. To tagwaye kai ɗaya suke, waɗannan biyun kuwa ɗaya na sama ne ɗaya na ƙasa. Ni "harshe mai hawa biyu" nake ba da shawara, sai a ce hawan sama da hawan ƙasa.

Hajiya Rabi: Malam, hawa biyun ya zauna mini, ya ma fi "harshe biyu" da kunne zai kai shi wajen baki biyu na munafunci. Kuma ga shi a gida: Daidaitacciyar Hausa a sama, Sakkwatanci da Zazzaganci a ƙasa.

Malam Ɗanjuma: Hajiya, fifikon yana nan, amma rabon aikin bai kai can ba. Gwajin shi ne: akwai waɗanda suke hira da na saman a tsakar gida, suka sha shi a nono? A Alƙahira babu. A Kano akwai, domin Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, kuma ɗan Kano da "zauna" da "sauka" ya buɗe baki. Basakkwace ne mai cewa "zamna" da "sabka" zai canza baki idan ya riƙe alƙalami. Namu daidaitaccen karin harshe ne tare da sauran kare-kare, kuma Ferguson da kansa ya raba wannan da daiglosiya.

Malama Binta: To wannan ya kawo mu kalma ta biyu, wato aƙidar da ke sa a ɗauki kari ɗaya shi ne sahihi, saura kuskure. A nan kalmarmu da kanta take ba ni tsoro. "Daidaita" jerawa ne a kan ƙa'ida ɗaya, amma yaro "daidai" yake ji a ciki. Da ya ji haka, sai ya yanke cewa "mace ta" ta Sakkwato da "mace ne" ta Zariya ba daidai ba ne. Alhali "ta" ɗin nan da ƙa'idarta take tafiya: "na" ga namiji, "ta" ga mace, ba ta kuskurewa. Abin da ya ɗaga Kananci ba nahawu ba ne. Kasuwa ce da yawan jama'a, sannan aikin ɗab'i ya bi: littattafan Hukumar Talifi ta Zariya, Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, Hukumar Harshen Hausa a 1955, sai makaranta da jarrabawa. Da jan biro ya shiga, zaɓin da aka yi don sauƙin bugu ya koma hukunci a kan bakin mutane. Ni "aƙidar fifita daidaitaccen kari" zan rubuta, don "fifita" ta nuna mutane ne suka yi.

Usmanu: Malama, na yarda da wannan. Amma Malam Ɗanjuma, hawa biyunka yana da gyara. Joshua Fishman a 1967 ya faɗaɗa ma'anar har ta haɗa harsuna biyu da ba dangin juna ba. A Maraɗi takardar ofis da Faransanci take fita, ciniki kuwa da Hausa. Wannan ai ba harshe ɗaya ba ne balle ya yi hawa biyu. Me zai hana a ce "rabon aikin harshe"?

Malam Ɗanjuma: Gaskiyarka ta wannan fuskar, sai dai "rabon aiki" ya ɓoye sama da ƙasa, kamar an raba cikin adalci. Girkawa sai a 1976 suka mai da Dimotiki, harshen jama'a, na hukuma, bayan doguwar rigima. A bar "hawa biyu" ga ma'anar Ferguson. Ta Fishman kuwa, "harsuna masu hawa biyu" za ta ɗauka?

Usmanu: A rubuce ta ɗauka, Malam. A baki kuwa tazarar "harshe mai" da "harsuna masu" ta yi ƙanƙanta, ɗalibi zai haɗe su a jarrabawa. Malama Binta, ki gwada duka biyun a aji tukuna.